Ayaba da agada a ilimin tsirrai

A ilimin tsirrai ana sa ayaba cikin rukunin 'ya'yan itacen da ake kira beri. Ƙanƙanta ko zaƙi ba su ne ma'auni ba. Abin da ake dubawa shi ne ɗan itacen ya fito daga mahaifar fure guda ɗaya, ya kasance mai tsoka, irinsa na kwance cikin tsokar, babu ƙwallo mai tauri da ya kulle shi. Da wannan ma'auni tumatir da inabi da tattasai duk beri ne, mangwaro kuwa ya fita saboda ƙwallonsa.

Kowace ayaba a jikin nono daga fure ɗaya ta fito, kuma mahaifar furen ɗaki uku gare ta. Ana iya ganin haka a gida: a ɓare nunanniyar ayaba, a tura yatsa a hankali ta tsakiyar kanta, za ta tsage gida uku a tsaye. Baƙaƙen ɗigon da ke tsakiya kuma iri ne da bai ƙosa ba.

Rashin irin shi ke sa wasu shakka. Ayabar daji cike take da baƙin iri mai tauri. Yawancin wadda ake nomawa tana da jeri uku na kuromosom, zaren da ke ɗauke da gadon halitta, wato guda 33 maimakon 22 na jeri biyu, shi ya sa da wuya ta yi iri, kuma ɗanta na girma ba tare da barbarar fure ba. Don haka da 'ya'yan gindi ake dasa ta. Wannan bai fitar da ita daga rukunin ba, domin ginin furen ake bi.

Agada, wadda wasu ke ce wa filanten, ita ma beri ce, kuma dangi ɗaya suke da ayaba. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya sa wa agada suna Musa paradisiaca, daga baya ya ba ayabar ci suna dabam. A 1955 masana biyu, Simmonds da Shepherd, suka nuna cewa yawancin nau'o'in da ake nomawa sun fito ne daga ayabar daji biyu, Musa acuminata (A) da Musa balbisiana (B). Ayabar Cavendish da ta cika kasuwannin duniya AAA ce, wato duk jerin kuromosom ukun daga A suke, agada kuwa AAB, biyu daga A ɗaya daga B.

Bambancin da mai girki ke gani na sitaci ne. Idan ayaba ta nuna, kusan duk sitacinta ya koma sukari. Agada ruwanta kaɗan ne, kuma ko ɓawonta ya yi rawaya da sauran sitaci mai yawa, shi ya sa take jure suya da gashi, ayaba kuwa ta narke cikin mai. Amma kuskure ne a ce duk wadda ake dafawa agada ce: matoke, wani nau'in ayaba na Yuganda, dafa shi ake yi, alhali AAA ne kamar Cavendish.