Siminti da fenti sun bushe a kan tayil da gilashi, ya za a yi?

Tambaya: Salam, don Allah mun tare a sabon gida a Rigasa, masu filasta sun bar mana ɗigon siminti a tayil ɗin falo da gilashin windo, mai fenti ma ya ƙara nasa. An ce in siyo asid in watsa, in yi?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ki dakata da maganar asid tukuna, fara da ruwa. Ki jiƙa tsohon tawul da ruwan ɗumi da ɗan omo ki shimfiɗa a wurin kamar minti 30, sannan ki sa sikirafa ta roba ko tsohon katin ATM ki tura daga gefe. Tayil mai sheƙi ba ya shan siminti, zama kawai yake yi a sama, shi yasa da yawansa zaki ga ya ɓantare gaba ɗaya kamar ƙanzo. Wanda ya ƙi tashi sai ki koma ruwan kal, wannan farin da ake sawa a salak, ki jiƙa tsumma da shi ki ɗora minti 15, ki goge da buroshin roba ki ɗauraye. Tsaminsa ne yake cin simintin a hankali, in ya yi kauri sai kin maimaita sau uku ko huɗu, kada ki gaji.

Amma kafin komai mai tsami ya taɓa ƙasan ki tabbatar tayil ne. Ki ɗiga kal a lungu, bayan ƙofa misali, in kika ga yana ƴar kumfa ko wurin ya dusashe to mabul ne ko tarazo, su kam tsami cinye su yake, ruwa da sabulu da kankarewa kawai.

Tambaya: To in kal ɗin ya kasa fa?

Nan ne asid ɗin wanke tayil na masu kayan gini yake shigowa, kuma ni dai na fi so maigida ko wani babba ya yi, yara suna waje. Kofi 1 na asid a kofi 10 na ruwa, a bokitin roba, ruwan ake fara zubawa sannan asid a kai. A buɗe windo, a sa safar hannu ta roba da tabarau. A fara jiƙa ƙasan da ruwa zalla don farin simintin da ke tsakanin tayil ya ƙoshi da ruwa, don shi ma siminti ne asid ba ya bambancewa. A shafa a kan tabon kaɗai, zai yi kumfa, minti 2 zuwa 3 a goge a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kuma don girman Allah kada a haɗa shi da haifo ko wani bilic, iskar da ke tashi guba ce, tana kama ƙirji nan take.

Na taɓa shiga wani gida a Kinkinau da aka kwarara shi tsagwaronsa aka bari ya kwana, wallahi abin tausayi, layukan tayil duk sun zama rami yatsa na shiga, ƙasan firem ɗin alminiyon ya yi fari fat, ƙafafun kujerun ƙarfe sun fara tsatsa.

Tambaya: Gilashin fa, in kankare da reza?

Eh amma ba a bushe ba. Abin da ke karce gilashi yashin cikin simintin ne, in kika ja shi a bushe sai ya bar zane da ba ya fita har abada, haka ƙurar hunturu ma, ki fara wanke ta. Ki jiƙa da ruwan sabulu sosai, in siminti ne ki manna tsumman kal ya yi laushi, sannan sabuwar reza, ki kwantar da ita kusan ta manne da gilashin ki tura gaba kawai, ki ɗaga ki goge bakinta ki sake, banda kai da komowa. Da kin ji ƙaras ƙaras ki tsaya ki ƙara ruwa. Soson waya da sanfefa kada su zo kusa. In gilashin an manna masa baƙar leda ta tinti, reza zata yage ta, ɓangaren nan tsumma da katin roba kawai. In bayan simintin ya tashi kika ga tabo kamar hazo ya ƙi gogewa, ya daɗe ne ruwan sama na dukansa har ya ci fuskar gilashin, wanki ba zai fitar da shi ba.

Tambaya: Fentin shi ma kal zan sa?

A'a, ki fara gane wane iri ne. Ki ɗan goga sifirit da auduga, in launi ya biyo audugar fentin ruwa ne na bango, ruwan ɗumi da sabulu minti 10 zai yi laushi ki ɓare shi ko da farce. In bai motsa ba fentin mai ne irin na ƙofa da bagila, ki kankare kaurin da reza, ragowar ki goge da tina a tsumma, nesa da risho da gas, kuma kada tinar ta taɓa robar da ke riƙe gilashin don tana lalata ta.