Dabarar Haversine

Haversine dabara ce ta lissafi da ake gano nisan da ke tsakanin wurare biyu a doron duniya da ita, muddin an san latitud da longitud na kowanne. Abin da take aunawa shi ne hanya mafi gajarta a kan jiki mai siffar ƙwallo. In ka kafa ƙusa biyu a jikin ƙwarya, ka ɗaura zare tsakaninsu ka ja shi ya yi tauri, inda zaren ya kwanta nan ne hanyar. Ana kiranta babbar da'ira, domin in aka ci gaba da ita za ta raba ƙwallon gida biyu daidai. James Inman, malamin lissafin tuƙin jiragen ruwa a Ingila, shi ya ƙirƙiri kalmar haversine a 1835.

Ga yadda ake rubuta ta:

```
a = sin²(Δφ/2) + cos φ1 · cos φ2 · sin²(Δλ/2)
c = 2 · atan2(√a, √(1−a))
d = R · c
```

A nan φ latitud ne, λ longitud, Δ kuma bambancin da ke tsakanin na wuraren biyu. R shi ne nisa daga tsakiyar duniya zuwa doronta, wanda akan ɗauka kilomita 6,371, d kuma shi ne nisan da ake nema.

A ɗauki Kano da Makka. Kano tana wajen digiri 12.00 arewa da 8.52 gabas, Makka kuwa 21.42 arewa da 39.83 gabas. Bambancin latitud 9.42 ke nan, na longitud 31.31. Ɓangaren farko na `a` zai ba da 0.00674, na biyu 0.06631, jimilla 0.07305. Daga nan `c` ya fito 0.5474, wato kusurwar da biranen biyu suka yi a tsakiyar duniya, da ma'aunin radiyan. In aka ninka da 6,371, nisan ya kama kilomita 3,487 ko kusa da haka.

Yawancin kurakurai ba daga dabarar suke ba, daga abin da aka ɗura mata ne. Harsunan shirya manhaja galibi radiyan suke karɓa, don haka sai an ninka kowane digiri da π/180 tukuna. Kudu da yamma kuma da alamar ragi ake shigar da su. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne musanya latitud da longitud, domin amsar takan fito kamar mai kyau. A misalin nan, musanyar za ta kai Makka ƙasar Girka. Gwaji mai sauƙi shi ne a ba ta wurare biyu masu longitud ɗaya da bambancin latitud na digiri ɗaya: dole amsa ta zo kusan kilomita 111.

Dabarar tana ɗaukar duniya a matsayin cikakken ƙwallo, alhali ta ɗan baje a ƙuryar arewa da ta kudu, shi ya sa kuskurenta kan kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Masu safiyo, waɗanda ba su yarda da saɓanin ko da mita guda, dabarar Vincenty ta 1975 ko makamantanta suke bi.