Kafin ku buɗe WhatsApp na biyu a waya ɗaya

Mu da ke aikin lafiya da na gona mun san yadda saƙon majinyaci ko na manomi ke nutsewa cikin hirar dangi, ko a tura hoton sakamakon gwaji zuwa wani zauren da bai dace ba. Shi ya sa da yawa ke son raba lambar aiki da ta gida ba tare da sun riƙe waya biyu ba. Yawancin wayoyin Android sun zo da hanyar yin haka a cikinsu. A Samsung ana samunta a Settings, sai Advanced features, sai Dual Messenger. Huawei da Tecno suna kiranta App Twin, Xiaomi kuma Dual apps. Idan kuka kunna ta, wata manhajar WhatsApp za ta fito a fuskar wayar da 'yar alama a gefenta. IPhone ba ta da wannan tsari.

Ta biyun tana buƙatar lambarta daban. Za a turo lambobi 6 na tantancewa zuwa layin da kuka sa, kuma ba dole ne layin ya kasance cikin wayar ba, muddin kuna iya karanta saƙon. Kada ku sa lambar da ke kan ta farko, domin da zarar an tantance ta a sabuwar, tsohuwar za ta fitar da ku.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: tagwayen nan ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Wayar tana ware wa ta biyun wurin ajiyarta daban, don haka saƙonninta da hotunanta ba sa shiga ajiyar ta farko. A ce ma'aikaciyar lafiya tana bin matan da ke zuwa awon ciki ta lambar aiki, a manhaja ta biyu. Ta daɗe da kunna ajiyar Google Drive a ta farko, hankalinta kwance. Ranar da wayar ta lalace ta sayi wata, hirar dangi ta dawo tsaf, ta aiki kuwa babu ko layi ɗaya, har da ranakun da ta ba matan su dawo. Ba wani kutse aka yi mata ba. Ta biyun ce ba a taɓa saita mata ajiya ba.

Don haka ku buɗe ta biyun ita kanta, ku shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, ku duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe. Idan babu, ko asusun Google ya ƙi bayyana, kamar yadda yakan faru a wasu wayoyi, to ku san hirar nan a wayar kaɗai take. A irin wannan hali ku riƙa kwafe muhimman bayanai cikin rajistar aiki. Kuma ku kiyayi maɓallin da kuka kunna ta da shi: kashe shi yana goge ta biyun da duk abin da ke cikinta. A Samsung, cire manhaja ta farko ma yana tafiya da ta biyun.

Sai batun sirri, wanda a wurinmu amana ce. Samsung tana da zaɓin Use separate contacts list, ku kunna shi don ta biyun ta ga sunayen da kuka zaɓa kawai. Ku sa wa kowacce hoto da launin bango daban, yadda ido zai gane inda yake kafin yatsa ya tura. Ku kunna Two-step verification, wato ƙarin matakin tsaro na WhatsApp, a kowane asusu, domin na farko ba ya kare na biyu. Layin aikin ma kada a bar shi ya mutu a aljihun tebur. Idan kamfani ya sake sayar da lambar, sabon mai ita zai iya yin rajista da ita, marasa lafiya su ci gaba da tura masa saƙo suna zaton ku ne.

Idan saƙonnin ta biyun ba sa shigowa sai kun buɗe ta, galibi tsarin tattalin batir ne ke kashe ta, sai ku cire mata takunkumin a saitin batir.

Wanda wayarsa ba ta da tsarin buɗe manhaja ta biyu kada ya nemi irin su GB WhatsApp, don ana iya rufe masa asusu saboda su. Tun 2023 WhatsApp na Android ya ba da damar ƙara asusu na biyu a cikin manhaja ɗaya ta Add account, shi ma da lamba daban.