Mitar wuta ta biya kafin amfani

Mitar biya kafin amfani na'ura ce da ake zuba wa wuta tun kafin a sha, ta riƙa ragewa har ta ƙare, sannan ta yanke da kanta. A Damagaram, inda aka fi ce wa wutar lantarki kuran, kamfanin NIGELEC ne ke saka ta a gidaje da shaguna.

Asali

Tsarin da yawancin irin waɗannan mitoci ke bi, STS, ya fito ne daga Afirka ta Kudu wajen 1993. Lambar da ake saya tana da alƙaluma 20, kuma a cikinta an ɓoye yawan wutar da lokacin da aka fitar da ita. An ƙulle ta da makullin mita guda, shi ya sa lambar maƙwabci ba ta shiga taka. Lokacin kuwa ana ƙirga shi da mintoci tun daga 1 ga Janairu 1993, kuma ma'ajin ƙirgar ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Wannan ne ya sa aka riƙa ba masu tsofaffin mitoci lambobi biyu na sauya makulli, waɗanda ake shigarwa a jere kafin lambar wuta.

Abin da allo ke nunawa

Adadin da ke gaban kWh, wato ma'aunin wuta da ke daidai da shan wat 1000 na awa ɗaya, wutar da ta rage ce, ba kuɗi ba. A ce wani gida a unguwar Birni allonsa ya nuna 12.4. Fankoki biyu masu wat 60 na awa 10 suna shan 1.2, talabijin mai wat 80 na awa 5 tana shan 0.4, ƙwayaye huɗu masu wat 10 na awa 5 suna shan 0.2, firiji kuma kusan 1.2 a yini. Jimilla 3 ke nan, wato kwana huɗu suka rage. A watannin zafi firiji ya fi haka ci. In aka zuba 30, allo ya koma 42.4.

Saƙonnin kuskure

Kalmomin sun bambanta daga wani kamfanin ƙera mita zuwa wani. ACCEPT alama ce lamba ta shiga. USED na nufin an riga an zuba ta, sai a duba ko wuta ta ƙaru. OLD na fitowa in lambar ta daɗe a ajiye har sababbi da yawa suka riga ta shiga. REJECT ya fi yawa, kuma galibi yatsa ne ya kuskure alƙalami ɗaya. In an sake bugawa a tsanake ta ƙi, a gwada lambar mita da ke kan rasit da wadda ke jikin mitar.

In wuta ta ɗauke alhali da saura a allo, nauyi ne ya wuce ƙima. A kashe abin guga ko na dafa ruwa, a ɗan jira. Mitar da ta kulle don an buɗe murfinta kuwa, sai lamba ta musamman daga kamfani.