Takardar shaida da sunan wanda bai sani ba: tambayoyi da amsoshi

"Ɗan ƙanwar mahaifiyata yana haɗa dosiyen neman aiki a wata ƙungiyar agaji a nan Tawa. Sun ce a kawo takardar shaida daga tsohon shugaban aiki, shi kuwa shugaban an mayar da shi Damagaram, ba ya ɗaukar waya. Yaron ya ce tunda na iya faransanci in rubuta da sunan mutumin, hoton sa hannunsa yana nan a wata tsohuwar takarda. Ranar Juma'a za a rufe. In rubuta?"

Kada ka rubuta. Masu ɗaukar aiki ba kyawun faransanci suke nema a wannan takarda ba, domin yabon kai yana cikin takardar neman aikin da yaron ya rubuta da hannunsa. Abin da suke so shi ne wani mutum dabam, mai suna da matsayi, ya ce: na san wannan yaro, na ga aikinsa, ku kira ni in kun ga dama. Nauyin takardar duka yana kan wannan alkawari na ƙarshe. In mai sunan bai san da ita ba, ka ɗauki alkawari da bakinsa, kuma ranar da aka kira shi ba kai za ka amsa ba.

A dokar hukunta laifuka ta Nijar laifi biyu ne a nan, ƙirƙirar takardar bogi da kuma yin amfani da ita. Na farko naka ne, na biyu na yaron. Cewa ba ka karɓi ko dala ba, zumunci ne ya sa, ba ya fitar da kai. In an ɗora hatimin wata ma'aikatar gwamnati a kai, abin ya ƙara muni. Ta fuskar addini kuwa malamai sun gama magana kan shaidar zur, tana cikin manyan zunubai.

"Amma duk abin da zan rubuta gaskiya ne. Yaron ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau."

Na yarda ya yi. Sai dai takardar tana ɗauke da magana biyu. Ɗaya ita ce wane ya yi aiki kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, wannan tana iya zama gaskiya. Ɗayar ita ce ni wane, shugabansa, nake faɗin haka yau, ga sa hannuna. Wannan ta biyun ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce aka nema. Ban da haka, kai daga bakin yaron ka ji yadda aikin ya gudana. Watakila shugaban yana ganin yaron gwani ne wajen fita ƙauyuka amma rahotonsa kullum a makare, kuma da shi ya rubuta da bai ce "mai kiyaye lokaci" ba. Wani lokaci ma rashin ɗaukar wayar ita ce amsar: mutum yana jin nauyin cewa a'a, sai ya yi shiru. Ba ka da ikon mayar da shirunsa ya zama i.

"To ai malamai da shugabanni da kansu suke cewa: je ka rubuto, in sa hannu. Mene ne bambancin?"

Wannan al'ada ce sananniya, daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai har Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da ofisoshi da yawa, kuma ba ita ake hanawa ba. Malamin da ɗalibai suka yi wa yawa yakan ce a kawo masa daftari. Ya karanta, ya soke abin da bai gani da idonsa ba, ya ƙara nasa, ya sa hannu. Daga wannan lokaci maganar ta zama tasa, ko wa ya buga ta a na'ura. Wasu jami'o'in waje dai suna sharɗanta cewa malami ya rubuta da kansa, a nan sai a bi sharaɗinsu.

Saboda haka abin da ake dubawa uku ne, kuma a jere suke: ya san za a rubuta, ya ga rubutun ƙarshe, shi ya sa hannu. In ɗaya ya faɗi, takardar ba tasa ba ce. Inda mutane suka fi zamewa shi ne na tsakiya. Shugaba ya ce a waya, yana cikin mota, "ba komai, ku rubuta kawai", sai a ɗauka an samu izinin komai, har da liƙa hoton sa hannunsa. Izinin daftari ya bayar. A tura masa ta waya ya karanta, ya buga, ya sa hannu, ya ɗauki hoto ya mayar. Aikin minti goma ne in yana so. Akwai kuma sa hannu "a madadin" da ake gani a takardun ofis, amma mai yin sa ma'aikaci ne da aka ba wannan iko, kuma sunansa da hannunsa yake sawa, ba ya kwaikwayon na maigidansa.

"Wa zai tsaya bincike? Dosiye nawa suke karɓa?"

Ba sa binciken dosiye ɗari. Na mutum biyu ko uku da suka kai ƙarshe suke bincike, bayan jarrabawa da ganawa, dab da sa hannu a kwangila. Ma'ana takardar bogi ba ta tonuwa sai lokacin da yaron ya kusa samun aikin da ƙwazonsa, wannan shi ne abin takaicin.

Ga yadda abin yakan kasance. A ce yaron ya yi aikin koyo na wata 6 a 2022, takardar kuma tana ɗauke da kwanan watan wannan mako, a kan takarda mai tambarin tsohon ofishin, mutumin kuma an kira shi shugaban reshen Tawa. Mai kula da ma'aikata ba lallai ta kira lambar da ke ƙasan takardar ba, ta san ana sa lambar aboki. Ofishin za ta kira, ko wani da ta sani a can, kuma ma'aikatan ƙungiyoyi a Tawa sun san juna, taro ɗaya suke zuwa. Za a ce mata ai wane ya bar nan tuni. Ta nemi lambarsa ta gaskiya ta ce: "Mun ga takardar da ka rubuta wa wane." Ya ce: "Wace takarda?" Shi ke nan, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko kafin a kai ga waya, sa hannun da aka yanko daga hoto yakan zo da ɗan duhu kewaye da shi wanda bai yi daidai da farin takardar ba, kuma in aka ajiye shi kusa da na tsohuwar takardar da ke cikin dosiye ɗaya, za a ga ko ɗigo bai bambanta ba. Babu mai sa hannu sau biyu iri ɗaya sak.

A neman gurbin karatu a waje ma hanyar ta fi tsauri. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar takardar daga hannun ɗalibi: adireshin imel na malamin ake ba su, su aika masa, shi ya shigar da kansa. Mai buɗe sabon imel da sunan malami ya ƙara wa laifinsa sojan gona. In an gano bayan an ba shi gurbin, ana iya janyewa.

"In aka kai ta ma'aikatar magajin gari ko wurin ƴan sanda aka buga mata hatimi fa?"

Wannan hatimin, a kan kwafi, cewa yake yi kwafin ya yi daidai da takardar da aka nuna wa jami'in. Bai ce abin da ke ciki gaskiya ne ba, bai ce mai sunan ya yarda ba. Abin da aka ƙara kawai shi ne an kai takardar bogi gaban hukuma da ƙafa.

"Yaya zan ƙi ba tare da gida ya ɗauka na yi masa baƙin ciki ba?"

Nan ne wuyar take, domin gobe inna za ta kira ta ce ɗan'uwanka ya zo wurinka ka kore shi. Kada ka fake da cewa na'ura ta lalace ko ba ka da lokaci. Zai tafi shagon buga takardu na gaba, ya biya jika ɗaya ko biyu, a yi masa abin da ka guje masa. Faɗa masa dalilin a fili, kuma a zama ɗaya ka ɗora masa abin da za ka yi: "Ƙanena, ba zan sa sunan mutum a abin da bai gani ba, in aka kira shi kai za a kora. Zauna mu rubuta daftarin yanzu, mu nemo shi."

Sannan ku yi aikin da gaske. Daftarin ya zama gajere, shafi ɗaya: lokacin da ya yi aikin, abin da aka sa shi, abu ɗaya ko biyu da shugaban zai iya tunawa, wurin sa hannu a bar shi fari. A tura da saƙo mai ladabi wanda ya faɗi ranar rufewa, ya kuma bar wa mutumin ƙofar cewa a'a. Wanda ba ya ɗaukar baƙuwar lamba yakan ɗauki ta tsohon abokin aiki, saboda haka a nemi direba ko sakataren tsohon ofishin ya yi masa magana. Inna kuma kai za ka riga yaron kiranta, ka ce mata kuna kan aikin takardar tare.

"In har Juma'a ta zo bai amsa ba?"

Ba shi kaɗai ya ga aikin yaron ba. Mataimakinsa, ko wanda suke fita daji tare, ko malamin da ya duba masa kundin kammala karatu, kowannensu yana iya rubutawa da sunansa da matsayinsa na gaskiya. Takardar ƙaramin ma'aikaci da zai ɗauki waya ya ce "ƙwarai, na san shi" ta fi ta babban darakta da zai ce bai san zancen ba. Wanda ya gaji kujerar shugaban ma yana iya rubuta abin da ya tarar a rajistar ofis, ya faɗi cewa daga rajista ya ɗauko.

Kada kuma a haɗa takardar yabo, wato wadda muke magana a kanta tun farko, da takardar shaidar aiki. Ta yabo alfarma ce, mutum yana da damar hanawa. Ta shaidar aiki kuwa, wadda ke faɗin ranar shiga, ranar fita da irin aikin, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci in kwangila ta ƙare, kuma in an hana shi yana iya kai kuka ofishin sufetan ƙwadago. Wanda ya yi aikin koyo shi ma yakan karɓi tasa shaidar daga ofishin, ba sai tsohon shugaba yana gari ba. Yaron ya sa wannan a dosiye, ya rubuta sunan tsohon shugaban da inda yake yanzu in ya amince a ba da lambarsa, ya ƙara layi ɗaya cewa takardar yabon tana tafe. Wasu masu ɗaukar aiki za su jira ta, wasu ba za su jira ba, saboda haka gara ya kira ofishin ƙungiyar da yake neman aikin tun ranar Laraba ya tambaya ko suna karɓar dosiye a haka.