Dokar waya a makaranta: me za a rubuta, wa zai riƙe wadda aka karɓe?

Malam, ni mataimakiyar shugabar wata sakandaren jeka-ka-dawo ce a Tudun Wadan Zariya. An ɗora mini rubuta dokar waya ta ɗalibai. Ta ina zan fara?

Malama, ki fara da dalili, kuma kada ya wuce layi huɗu. Ki rubuta abin da kuka gani da idonku: hira a waya malami na tsaye gaban allo, ɗaukar hoton ɗaliba ba da saninta ba, sace-sacen wayoyi, da satar amsa. Na ƙarshen ba sai kin yi dogon bayani ba, domin WAEC da NECO sun haramta shiga ɗakin jarrabawa da waya ko a kashe take, kuma ana iya soke wa ɗalibi sakamako a kan haka. Duk ƙa'idar da kika rubuta daga baya, ki duba wane dalili take bi. Wadda ba ta da dalili ki goge ta, don ita ce uba zai fara kamawa ranar da ya zo ofis a fusace.

A hana ta kwata-kwata, ko a bari da sharaɗi?

A makarantar kwana hanawa ta fi sauƙi, muddin an tanadi wayar makaranta da ranar kiran gida. Taku daban ce. Yarinyar da ke fitowa daga Samaru ta hau bas, ta sauka Kwangila ta nemi wani abin hawa, uwarta ba za ta sake ta ba tare da waya ba. In kun hana, za ta ɓoye ta cikin hijabi, ku wuni kuna laluben jaka. Ni dai na fi son a rubuta cewa an yarda da ƙaramar waya mai maɓallai kawai, bayan iyaye sun nema a rubuce. A miƙa ta ga malamin aji kafin taron safe, a karɓa bayan tashi.

To in an kama ɗalibi, wane hukunci?

A nan yawancin dokokin da na gani suke tuntuɓe. Sai a rubuta "za a ƙwace wayar", shi ke nan. Ba a faɗi wa zai riƙe ba, ko har yaushe.

Ɗauki misali. Ranar Talata an kama ɗan aji biyu na babbar sakandare da babbar waya ana darasin lissafi. Karo na farko ne. Malamin zai sa shi ya kashe ta da hannunsa, a kai ofishinki kafin a tashi, kada ta kwana a aljihun malami. A littafin ajiya ki rubuta suna, aji, kwanan wata, irin wayar, ko gilashinta a fashe yake, da lambar shaidar wayar, wato IMEI, wadda ke fitowa in ɗalibin ya kunna ta ya danna wannan:

```
*#06#
```

Ɗalibi da malami su sa hannu, a ba shi 'yar takarda, a sa wayar a ambulan a kulle a kabad. Layin kuwa a cire a ba shi, don sau da yawa na mahaifiyarsa ne, kuma da shi asusunta na banki yake haɗe. Ranar Laraba waliyyinsa ya zo ya karɓa, ya sa hannu. Karo na biyu wayar ta yi mako 2, a zauna da iyaye. Karo na uku sai ƙarshen zango, a kuma soke masa izinin zuwa da kowace waya. Satar amsa da yaɗa hoton wani ba sa bin wannan tsani. Kai tsaye sai kwamitin ladabtarwa.

Fasa waya a gaban taro kuwa, ko jefa ta a bokitin ruwa, kada ya shiga takardarki. Dukiyar mutane ce, kuma in maganar ta kai ofishin 'yan sanda ba ki da abin faɗa. Tarar kuɗi ma ban so, don mai hali ya biya ya maimaita. Ki kuma rubuta ƙarara cewa wayar da ta ɓace a hannun makaranta, makaranta ce za ta biya.

Malami zai iya buɗe wayar ya duba saƙonni?

Shi kaɗai, a'a. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin saƙonni da kiran waya na 'yan ƙasa. In akwai zargi mai ƙarfi, a kira waliyyi, ɗalibin ya buɗe da kansa a gabansa da shugaban makaranta, a rubuta abin da aka gani. Wayar ɗaliba kuma sai da malama a wurin.

Wa zai amince da dokar kafin ta fara aiki?

Ki karanta daftarin a taron iyaye da malamai, da Hausa, ki gyara abin da suka nuna. Ki duba ko Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna ta aiko da wani umarni kan waya, kada taku ta saɓa masa. Sannan kowane waliyyi ya sa hannu a makon farko na zango, kafin a karɓe wayar kowa.