Idan an ce ajiyar ƙasa za ta kai wata tara, me ake nufi?

Jama'a, a zaman da muka yi da manoman masara a Saminaka wani dattijo ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, rediyo ta ce ajiyar kuɗin ƙasashen waje za ta ishe mu watanni da yawa, to me ya sa buhun taki bai sauko ba?"

Lissafin rumbu ne, Baba, na ce masa. Mai gida yana da buhu 12, iyalinsa suna cin buhu 2 a wata, ka ga rumbunsa na wata 6 ne. Haka ake yi wa dalolin da Babban Bankin Najeriya ke riƙe da su: a raba su da abin da ƙasa ke kashewa kowane wata wajen sayo kaya da biyan hidimomi a waje, irin su alkama, magani, kuɗin jirgin ruwa, da sinadaran fotash da fosfet da ake haɗa takinmu da su. Ma'aunin da aka saba da shi a duniya shi ne kada a yi ƙasa da wata 3.

Mu ɗauka, a misali, ajiyar dala biliyan 36 ce, ana kashe biliyan 6 a wata. Wata 6 ke nan. Sai naira ta faɗi, dala ta gagari 'yan kasuwa, shigo da kaya ya koma biliyan 4. Yanzu lissafi ya ba da wata 9, alhali ko dala ɗaya ba ta ƙaru ba. Gidan da aka koma cin tuwo sau ɗaya a rana ai dole hatsinsa ya daɗe, amma ba wanda zai kira wannan yalwa. Nan ne mutane ke ruɗewa. In kun ji watanni sun ƙaru, ku tambaya: dalar ce ta ƙaru, ko sayayya ce ta ragu?

Sannan ba duk buhun da ke rumbu ne na mai gida ba, wani rance ne da za a zo karɓa kafin kaka. A ƙarshen 2023 jimillar ajiyar ta haura dala biliyan 33, amma Babban Bankin da kansa ya bayyana daga baya cewa in aka cire basussukan da lokacin biyansu ya kusa, abin da ya rage bai cika biliyan 4 ba. Watannin da ake faɗa a labarai yawanci da jimillar ake lissafa su.

Shi kuwa takin Baba, wannan adadi bai san farashinsa ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne tsawon lokacin da ƙasa za ta iya ci gaba da biyan kayan waje in kuɗin man fetur da sauran hanyoyin shigowar dala suka tsaya cak. Farashin buhu kuma yana bin canjin dala na ranar, da kuɗin mota daga tashar jirgin ruwa zuwa Kaduna, da ribar dillali.